Jigon Farko a Rahoton Ambaliya

Ranar Litinin da safe Anti Eunice ta ajiye wa Ummi tarin takardu a kan tebur, ta dafa su da tafin hannu.

"Hira ashirin da biyu ke nan, Caleb ya gama bugawa. Shafi huɗu nake so, Ummi, kada su wuce. Ki fitar da jigogin da suka fi fitowa, ƙarƙashin kowanne ki sa maganar mutum biyu ko uku da bakinsu. Ranar Alhamis kwamiti zai zauna."

Ƙungiyar tasu ƙarama ce, ɗaki biyu ne ofishinsu a Kamazou. Bayan ambaliyar bara sun shiga Makera da Trikania sun zanta da mutanen da ruwa ya shiga gidajensu, don su gane me ya sa aka yi gargaɗi amma yawanci ba su tashi ba sai da ruwa ya kai gwiwa. Caleb ne ya riƙe rakoda, shi ne kuma ya zauna ya buga duk abin da aka faɗa, da Hausar da Turancin kasuwar. An cire sunaye, kowa ya koma lamba.

Ummi ta karance takardun tas ba ta taɓa biro ba, kamar yadda aka koya mata. A karatu na biyu ta ɗauko alƙaluman kala. Duk inda aka yi zancen sanarwa ta ja ruwan ɗorawa, zancen magudanar da shara ta toshe ta ja kore, tsoron ɓarayi in an bar gida ta ja ja. Abin da bai shiga ko'ina ba ta rubuta "saura" a gefensa. Kafin la'asar abu ɗaya ya fito fili, mutum goma sha biyar cikin ashirin da biyu sun faɗi kalma iri ɗaya: "Ba mu ji ba."

Ta rubuta jigo na farko da manyan baƙi: Sanarwa ba ta isa ga mutane ba.

Da Anti Eunice ta leƙo ta gani sai ta tafa hannu. "Na faɗa! Lasifika muke bukata, a ɗaura a coci da masallaci." Tun a tsaye ta kira shugaban kwamiti, Alhaji Nasiru, ta ba shi labari.

Washegari Ummi ta zauna zaɓen maganganun da za ta sa a ƙarƙashin jigon. Ƙa'ida ce sai ta karanta abin da ke gaba da bayan kowace magana kafin ta yanko ta, ta kuma rubuta lambar mai maganar da shafin. Ta fara da Lamba Tara, wani tela a Makera. A shafi na biyu ya ce, "Wallahi ba mu ji ba." Ta kwafa. Sai idonta ya sauka ƙasa kaɗan, inda ya ce, "Da saƙon ya shigo wayata na nuna wa maƙwabcina."

Ta dakata. In bai ji ba, wane saƙo ne ya shigo wayarsa? Ta ɗauka Caleb ne ya haɗa hirar mutum biyu a takarda ɗaya. Ta duba lambobin shafi, daidai suke. Ta ɗauko Lamba Goma Sha Biyu. Ita kuma cewa ta yi, "An faɗa, ba mu ji ba." An faɗa wa wa? Ummi ta karanta layin sau uku, kowane karatu da ma'anar da yake ba ta.

Ta je ta sami Caleb a ɗaya ɗakin.

"Caleb, ka tabbata abin da Lamba Tara ya ce ke nan?"

"Abin da ya fito daga bakinsa shi na buga. Ban ƙara ba, ban rage ba."

"To ya ji ko bai ji ba?"

Caleb ya karɓi takardar ya duba, ya sosa ƙeya. "A lokacin dai na gane abin da yake nufi. Yanzu da kika tambaye ni kuma ban sani ba."

Suka ɗauko muryoyin a kwamfuta, suka raba abin kunne ɗaya, kowa da ɓari. Telan yana magana keken ɗinki na ƙara a bayansa. Bayan ya ce ba su ji ba sai ya yi wata 'yar dariya, ya ƙara wani abu ƙasa-ƙasa, wurin da Caleb ya rubuta "ba a ji sosai". Sau huɗu suna mayar da shi baya kafin Ummi ta tsinci kalmar. "Turanci ne zalla," in ji telan. Saƙo ya iso shi, karanta shi ne bai iya ba.

Lamba Goma Sha Biyu kuwa murya ta warware ta. Ta ja kalmar "an faɗa" da nauyi, irin na mai ganin laifin kansa. An gaya musu, su ne suka ƙi.

Ummi ta cire abin kunnen ta zuba wa takardunta ido. Ruwan ɗorawa ko'ina, kuma duk launi ɗaya ta ba abubuwa uku da ba su haɗa hanya ba.

Yinin Talata gaba ɗaya a saurare ya ƙare. Ta ja layi uku a babbar takarda. Mutum huɗu sanarwa ba ta iso su ba sam. Shida ta iso su ba su fahimce ta ba. Uku sun fahimta suka zauna. Saura biyu, Lamba Biyar da Lamba Goma Sha Bakwai, ta sa su a layin nan ta goge, ta mayar da su wancan ta sake gogewa, har takardar ta huje.

Da ta kai wa Anti Eunice, Anti ta daɗe tana kallon layukan.

"Jiya kin ce min sha biyar."

"Sha biyar ɗin ne suka faɗi kalmar, Anti. Abin da suke nufi ne ba ɗaya ba."

"Ba su faɗa ba ne? In kin sa maganarsu yadda take, ƙarya kika yi?"

Ummi ta sake duba maganar telan. Ba ƙarya ba ce, kowane harafi nasu ne. Amma in ta yanke maganar telan a "ba mu ji ba" ta ajiye ta ƙarƙashin wancan jigon, ta sa shi ya ba da shaidar abin da bai faru da shi ba. Ta yi ƙoƙarin faɗin haka, maganar ta fito a hargitse.

Anti Eunice ta sauke numfashi. "Na riga na gaya wa Alhaji Nasiru lasifika. Ki je ki nemo biyun nan, ki tambaye su da kyau. Suna cikin waɗanda suka yarda a sake tuntuɓarsu?"

Caleb ya duba takardun amincewa, suna ciki. Wayar Lamba Biyar a kashe take, maƙwabta suka ce ya koma garinsu. Lamba Goma Sha Bakwai kuwa Mama Lizzy ce, dattijuwa mai kiwon awaki a Trikania, gidanta na ƙarshe kafin gangaren rafi. Ranar Laraba da hantsi suka hau keke napep suka same ta tana yanka wa awaki ɓawon doya. Har yanzu ana ganin layin da ruwa ya bari a bangon ɗakinta, daidai ƙugun mutum.

Bayan gaisuwa Ummi ta nemi izinin kunna rakoda, ta karanta mata maganarta ta baya. "Mama, kin ce ba ku ji ba. Sanarwar ce ba ta iso ki ba?"

"Ta iso mana. Fasto ma ya faɗa ranar Lahadi."

"To ba ki gane ba ne?"

"Me zan kasa ganewa, 'yata? Da Hausa ya faɗa. Ruwa na zuwa."

"Ke nan kin ji kika ƙi tashi?"

Mama Lizzy ta ajiye wuƙar. "Ni na ƙi? Wa ya ce miki na ƙi?"

Ummi ta kalli Caleb, Caleb ya kalli awaki. Layukanta uku ne, matar nan ta ƙi shiga ko ɗaya.

"To Mama, mene ne ba ku ji ba?"

"Inda za mu je! An ce a tashi, a tashi. Na ɗaure kayana tun ranar Litinin. Na zauna ina jira a ce ga makaranta ko ga coci an buɗe, ku kawo dabbobinku. Shi ne ba mu ji ba. Awaki bakwai, in kai su kan titi?"

Suka hau keke napep suka koma. Suna isa ofis Ummi ta jawo takardun ta bi duk inda ta rubuta "saura". Wani ya ce ƙaninsa ɗaki ɗaya gare shi da 'ya'ya biyar. Wata ta ce surukarta ba ta iya tafiya. Wani ya ce ya je makarantar firamare ya tarar da ƙofa a kulle. Mutum tara ne suka taɓo zancen wurin zuwa, kowa da irin kalmominsa, shi ya sa ba ta gan su a matsayin abu ɗaya ba.

Ta sake rubutun daga farko. Jigogi suka zama shida: waɗanda sanarwa ba ta iso ba, waɗanda ba su fahimce ta ba, waɗanda suka ji suka zauna, rashin wurin zuwa, sai magudanai da tsoron ɓarayi. Maganar telan ta sa ta cikakkiya har da Turancin zalla. Ta Mama Lizzy ta rubuta a gefenta cewa daga ziyara ta biyu aka samo ta, ba daga hirar farko ba. Ta daɗe a kan awaki bakwai ɗin, don duk wanda ya san unguwar zai gane ko wace ce. Ta sa ɗige uku a wurin adadin, ta ga maganar ta rage ƙarfi, ta mayar, ta sake cirewa. A cire ɗin ta bar shi. Lamba Biyar ba ta sa shi ƙarƙashin kowane jigo ba, ta rubuta a ƙasa cewa ba a tantance abin da yake nufi ba, kuma mutum ashirin da biyu ba su ne unguwa duka ba.

Ranar Alhamis Alhaji Nasiru, shugaban kwamitin, ya karanta shafi huɗun yana ɗaga tabarau yana saukewa.

"Madam, ni lasifika aka ce min. Yanzu ina ganin abu shida. Wanne za mu yi?"

Anti Eunice ta juyo ga Ummi.

"Ranka ya daɗe, takardar ba ta zaɓa ba," in ji Ummi. "Lasifika za ta taimaki huɗu, wataƙila da shidan in an yi da Hausa. Taran nan kuwa wuri suke tambaya."

"Huɗu da shida da uku da tara, sun kai ashirin da biyu ke nan?"

"A'a, Alhaji. Mutum ɗaya yana iya fitowa a jigo biyu."

Ya sake duba takardar, ya juya bayanta kamar akwai ƙarin bayani a can. Wata mamba mai suna Mercy ta ce ita maganar dattijuwar nan mai awaki ce ta tsaya mata a rai, ta san shugabar wata makaranta a kan tudu da za a iya tuntuɓa. Wani ya ce a sayi lasifikar dai, tunda an riga an ji farashi. Aka yi ta ja har azahar, daga ƙarshe aka amince a sayi lasifika biyu maimakon shidan da aka yi niyya tun farko, Mercy da Anti Eunice kuma su je makarantar ranar Litinin.

Da aka watse Ummi ta tsaya tattara kofunan shayi. Anti Eunice ta zo ta tsaya kusa da ita, tana naɗe takardar a hannu.

"Mun ci nasara ne ko an kayar da mu?" ta tambaya.

"Wallahi Anti, ban sani ba."

"Ni ma haka. Kawo makullin, Caleb zai rufe."