Lambar Aai a Ƙasan Takardar Suna

Ni ce gwaggon jaririyar, don haka aiki biyu ne a kaina. Ranar suna ni zan raɗa mata sunanta a kunne, kafin ranar kuma ni zan tattara amsar waɗanda aka gayyata. Ƙanena Ameya ne ya rubuta takardar. Matarsa Rutuja, tana zaune da jego, ta kwafe adireshi hamsin da huɗu daga tsohon littafin mahaifiyarmu, wadda muke kira Aai. Sai da aka aika duka sannan aka miƙo mini tawa.

Takardar ta ce iyalan Karmarkar na gayyata zuwa sunan 'yarsu ranar Lahadi da ƙarfe goma sha ɗaya na safe, a zauren unguwarmu ta Kothrud, nan Pune. A ƙasa aka rubuta: "Don Allah a ba da amsa kafin ƙarfe shida na yammacin Alhamis. A kira ko a turo saƙo ta wannan lamba, a faɗi mutum nawa za su zo, da masu azumi a cikinsu, da masu buƙatar wurin kwana."

Na dubi lambar, na sake dubawa.

"Ameya, lambar wa ka sa?"

"Taki mana, Ketaki."

"Karanta."

Ya karanta rabi ya tsaya. Lambar Aai ce, wadda ta rasu wata takwas da suka wuce. Duk wata hidima a gidanmu ita ake kira, hannunsa ya rubuta abin da ya saba.

Ba halin sake bugawa. Mai dafa abinci yana son adadi ranar Juma'a da safe. Na je wurin Baba ina tunanin layin ya daɗe da mutuwa, sai ya buɗe durowa ya ɗauko wayar, nannaɗe cikin hankicinta. Ashe duk wata yana sa mata kuɗi, bai taɓa gaya wa kowa ba.

Da na kunna ta a kicin, ta yi wannan ƙarar sarewa da muka sani, Baba ya tashi ya fita baranda.

Amsoshi suka fara shigowa. Kawu Dilip, mutum huɗu, ɗaya mai azumi. Maƙwabtanmu na dā, mutum biyu. Wata 'yar'uwar Baba da ban ji daga gare ta ba na kira ta da wayar, ta ɗauka tana haki: "Ke 'yar nan, kashe ni za ki yi? Sunan Shalini fa na gani a wayata!" Shalini shi ne sunan Aai, 'yan gidansu kan ce mata Shali.

Ranar Litinin da hantsi, ina tsince shinkafa, wata baƙuwar lamba ta kira.

"Alo?" na ce.

Na ji ƙarar ruwan sama a kan kwano daga can. Sannan muryar tsohuwa: "Shali?"

Kowa yana cewa muryata a waya ta Aai ce sak. Na buɗe baki in gyara, ba ta ba ni dama ba.

"Kar ki kashe. Indu ce. Takardarki ta zo, mai shago ya karanta mini har sau uku. Shekara arba'in da ɗaya, Shali."

Na san Aai tana da yaya mai suna Indu a Guhagar, bakin teku, wadda ba a ambatonta a gidanmu. Ban san dalili ba. Yara ba sa tambayar irin wannan, da muka girma kuma mun saba.

"Da na ji an ce mace ce, kuma suna ne, na gane abin da kike nufi," ta ce. "Ba ranar da ba na tuna ta. Bakina ne, na sani. Kin ce kar a furta kafin rana ta goma sha biyu, ni kuwa na ɗauke ta ina rawa ina cewa Mukta, Mukta, a gaban kowa. Kwana biyu tsakani ta tafi. Likita ya ce zuciyarta ce, amma ke kin ce bakina ne, ni ma haka na ɗauka."

Shinkafar ta zube mini a cinya. Sati biyu kafin Aai ta rasu, a asibiti, ta jawo ni kusa ta ce in Ameya ya samu 'ya mace, a sa mata Mukta, kuma kar in faɗa wa kowa sai shi da matarsa. Mu uku kaɗai muka san sunan. Ni kuma duk rayuwata na ɗauka ni ce 'yar fari.

"Ba ki ce komai ba," tsohuwar ta ce. "Ba laifi. Gwiwoyina sun lalace, ban san ko zan iya motar ba. An ce zuwa Alhamis ƙarfe shida, ko? Zan kira kafin nan."

"To," na ce. Abin da ya fito ke nan. Ta kashe.

Na sami Baba yana ba shukar tulasi ruwa a baranda.

"Baba, wace ce Mukta?"

Ruwan ya ci gaba da zuba har ya cika tukunyar ya malalo ƙasa. Da ya ajiye butar ya zauna a kan kujerar roba.

"Yayarki ce. Kwananta goma a duniya," ya ce. "Mun riga mun ɗaure shimfiɗar lilo da furanni. Ni na kwance ta da hannuna. Ba a yi suna ba, don haka babu inda aka rubuta ta. Uwarku ta ce tunda ba a ba ta sunan ba, kar a ƙara kiransa."

"Ita Indu ba ta san Aai ta rasu ba?"

"Na ɗauko littafin ranar da ta rasu, na ga adireshin. Na ce gobe. Har yau goben." Ya dube ni. "Me kika gaya mata?"

"Ta ɗauka Aai ce."

"Kika bar ta a haka?"

Na gyaɗa kai. Shi ma ba shi da bakin yi mini faɗa.

Kwana ukun nan wayar tana cikin aljihuna. Duk sanda sarewar ta tashi sai in zaro ta da sauri in duba lambar. Na rubuta sunan Indu a ƙarshen jerin, na bar gurbin adadi babu komai. Na lura na fara amsa waya irin ta Aai, ina jan "alo" ɗin, har Ameya ya ce in daina, tsikar jikinsa na tashi. Ranar Laraba na je ganin jaririyar, na tarar da kaina tsaye a kanta ina ƙirga numfashinta, har Rutuja ta ce, "Yaya, lafiya? Barci kawai take yi."

Alhamis ta zo. Ƙarfe huɗu jerin ya kai mutum ɗari da tara, masu azumi goma sha ɗaya, masu kwana shida. Ƙarfe biyar da rabi Ameya ya leƙo kicin.

"A rufe ne? In tura wa mai abinci da sassafe."

"Saura mutum ɗaya."

"Mutum ɗaya ai ba zai rasa faranti ba."

"Ba faranti ba ne, Ameya. Fita."

Shida saura kwata ba ta kira ba. Na gane cewa in na yi shiru, ƙila ta zauna can tana ganin ƙanwarta ta yafe mata, ta mutu a haka. Na yi minti biyar ina son hakan. Amma in ta hau mota ta yi awa bakwai da waɗannan gwiwoyin, ta shigo zaure tana neman fuskar Shali, sai ta tarar da hoto da furanni a rataye fa? Na danna lambar.

Wani mutum ya ɗauka, mai shagon. Na ji yana ƙwala kira, na ji takun sanda a kan siminti, a hankali, a hankali.

"Maushi," na ce da sauri, yadda muke kiran 'yar'uwar uwa, kafin ta yi magana. "Ni ba Shali ba ce. Ketaki ce, 'yarta. Aai ta rasu tun watan Disamba. Ya kamata in gaya miki ranar Litinin, na kasa. Ki yafe mini."

Na ji numfashinta kawai, da wani yana sayen sabulu a bayanta.

"Na yi zargi," ta ce can. "Shali ba ta taɓa bari na kai ƙarshen magana ba tunda aka haife ta. Shi ya sa ban kira ba. Na ce in ban kira ba, tana nan." Ta yi tari. "To ba ita ta aiko ba ke nan."

"Ba ita ba ce. Amma adireshinki a littafinta yake, da rubutunta. Ta soke tsohon ta rubuta sabo, har sau biyu."

"Sau biyu na tashi gida," ta ce. "Wa ya gaya mata?"

"Ban sani ba, Maushi."

Sunan yana bakina, saura kaɗan in faɗa mata. Na haɗiye.

"Ƙarfe nawa yanzu?"

"Shida saura minti huɗu."

"To ban makara ba. Rubuta mutum ɗaya. Ba na azumi, likita ya hana. Kwana kuma ba zan kwana ba."

Ranar Lahadi ta iso da asuba a motar dare, 'yar ƙaramar tsohuwa cikin farin sari, da haɓa irin ta Aai. Baba ya sunkuya zai taɓa ƙafarta, ta ce, "Bar shi, Vasant, kai ma ka tsufa." Ta tsaya gaban hoton Aai na ɗan lokaci, sannan ta nemi kujera a can baya.

Mata suka kewaye shimfiɗar lilo suna waƙa, aka zagaya da dutsen niƙa da aka yi wa ado kamar jariri, ta sama ta ƙasa, sannan aka zagaya da yarinyar aka kwantar. Na sunkuya na raɗa mata, mata suka yi ta bubbuga bayana suna dariya, wai sai na faɗa a fili. Na ɗago na ce, "Mukta."

Aka yi tafi, aka fara raba dafaffen wake da alewa. Baba ya rufe fuska da hankici. Maushi Indu ba ta motsa ba, leɓɓanta ma a rufe gam, kamar mai tsoron kar wani abu ya kuɓuce.

Lokacin cin abinci Rutuja, wadda ba ta san komai ba, ta zo wucewa da yarinyar tana neman wanda zai riƙe mata.

"A'a, 'yata, ba ni ba," tsohuwar ta ce. "Ba wa wata."

"Minti biyu, Kaka, yunwa nake ji," Rutuja ta ce, ta ɗora mata a cinya ta wuce.

Maushi ta ɗaga hannuwanta sama, ba ta taɓa ta ba. Haka ta zauna har Rutuja ta gama ci. Sau ɗaya kawai na ga ta kai yatsa kusa da hancin yarinyar, ta janye.

Ta bi motar ƙarfe uku. Washegari da ƙarfe bakwai na safe ta kira Rutuja daga shagon, ta ce, "Yarinyar ta tashi?" Aka ce ta tashi, har ta sha nono. Ta kashe. Yau wata biyar ke nan, kullum da safe sai ta taka da sandarta zuwa shagon ta yi wannan tambayar, kuma ko sau ɗaya ba ta kira yarinyar da sunanta ba.