Layin da Goggo Ba Ta Karanta Ba

Goggo dai ma'aikaciyar kantin magani ce, kuma duk unguwar an san bakinta. Ba ta miƙa maka ko maganin tari sai ta sa ka karanta takardar jikinsa a gabanta.

Wata biyu ke nan da ɗiyar ƙanenta, Shalele, ta dawo hannunta bayan rasuwar uwarta a asibiti. Yarinya mai shekara tara, ga ta shiru-shiru, daga ɗaki sai ɗaki. Da kyar aka lallaɓa ta ta yarda za ta fito falo a kalli fim ranar Asabar da yamma. Goggo kuwa ta ce ba mai zaɓa sai ita.

Ta ɗauki rimot tana laluben talabijin har ta ga hoton yarinya da kyanwa. A gefe an rubuta shekara bakwai zuwa sama.

"Mama, ki shiga bayanin ki duba," in ji babbar 'yarta.

"Ke tafi can! Bakwai aka ce, ita tara. Lissafin ma sai kin koya mini?"

Aka zauna. Shalele har da dariya sau biyu, maigidan yana zungurar Goggo da gwiwar hannu don ta gani. Can sai ga uwar yarinyar fim ɗin kwance a gadon asibiti, an ɗaura mata ruwa. Kafin Goggo ta gano inda rimot ya shige cikin kujera, likita ya ja zane ya rufe fuskar matar.

Shalele ba ta yi kuka ba. Ta miƙe, ta gyara matashin da ta jingina da shi, ta shige ɗaki.

Babbar 'yar ta buɗe shafin bayanin, ta nuna wa Goggo. Ga shi nan ƙarƙashin lambar, da ƙananan haruffa: akwai jinya da mutuwa, yana iya tayar da hankalin yara.

"Lambar nan ta yara ce gaba ɗaya," in ji maigidan a hankali. "Su ba su san tamu ba."

"Na ji, Malam. Don Allah ya isa."

Kunya ta rufe Goggo. Ta je ƙofar ɗakin ta tsaya, ta ƙwanƙwasa.

"Shalele, Goggonki ce. An rubuta, ni ce ban karanta ba. Ki yafe mini."

Sai murya ta fito daga ciki ƙasa-ƙasa: "Goggo, wa zai riƙe yarinyar?"

"Wallahi ban sani ba, uwata. Bari in karanta in faɗa miki."

Ƙofar ta buɗe kaɗan, iya faɗin tafin hannu. Falo dai Shalele ba ta koma ba ranar. Goggo ta zauna nan ƙasa a bakin ƙofa da wayarta, tana neman labarin ƙarshen fim ɗin.