Hannun Dogo a Hoton Sallah

Dogo direban motar ɗaukar marasa lafiya ne, kuma shekara da shekaru babu shi a hoton Sallah na gidansu. Abin yana ci wa Inna, mahaifiyarsa, rai. Bana har cewa ta yi tana so ta ga ƴaƴanta cif a bango kafin ta bar duniya. Wannan magana ta tsaya masa a ƙirji.

Matsalar ita ce shugaban direbobi, mutum mai taurin kai kamar ƙusa. Mai son hutu ya faɗi ranarsa tun saura wata guda, kuma rana ɗaya tal, don asibiti ba ya rufewa.

"Ranka ya daɗe, ai sai an ga wata," in ji Dogo.

"To je ka tambayo watan. Ni dai Alhamis ko Juma'a?"

Dogo ya ce Alhamis, yana kyautata zaton azumi ashirin da tara za a yi. Wata ya ƙi fitowa. Ranar hutun nasa ta same shi a gida da azumi a baki, uwargida ta haɗa shi da wankin labule da saukar da fanka. Ranar Juma'a ana ta yi wa juna barka da Sallah, shi yana bayan sitiyari.

Ya ce ba komai, Babbar Sallah na tafe, ita kuwa tun da kwana goma ake sanin ranarta. Sai dai kwana goma ba wata guda ba ne, shugaba kuma bai sauya hali ba. Wannan karon Dogo ya ce ya yi wayo, ya zaɓi ta ƙarshe cikin ranaku biyun da ake zato. Watan Zulhajji kuwa, kamar da gayya, ya fito da wuri, Sallah ta riga ranar hutunsa da kwana ɗaya. Ya bi abokan aiki ɗaya bayan ɗaya a yi musaya, kowa sai ya tuna shi ma yana da uwa.

Inna kuwa ta yi nata shirin. Ana saukowa daga idi sai ga ta a harabar asibiti da ƴaƴa da surukai da jikoki, kowa ya sha ado, mai hoto na biye. Dogo ya ji kunya, ya kuma ji daɗi har idonsa ya cicciko.

"Matso nan kusa da ni, kai da watanka," in ji ta.

An jeru ke nan, mai hoto yana fama da wani jika da ya ƙi tsayawa, sai aka kira Dogo: wani ya sare yatsa garin fiɗar rago. Ya ruga ya tayar da mota.

Hoton yana bangon ɗakin Inna yanzu. Kowa ya fito fes, da gurbi a gefenta. Can baya ga mota tana fita ƙofa, wani dogon hannu ya leƙo ta taga.

Duk baƙon da ya shigo sai ta nuna masa.

"Ga babban ɗana nan. Bana da shi aka yi."