Baba Édouard Ya Ji a Gidan Mai

Ƙarfe uku Adawiyya za ta miƙa wayar kamfani, kuma duk manoman da ta sani cikin shekara bakwai, da lambar wayar nan suka san ta. Ta ajiye aikinta a wani kamfanin iri da taki a Garoua don ta buɗe shagonta na irin albasa. Idan mutanen nan suka manta da ita, sai dai ta zauna tana gadin buhuna.

Tun safe ta rubuta saƙon sallama da Faransanci. Da farko har ta saka wa shugabanta Didier 'yar baƙar magana, sai ta goge. Gobe ma za su haɗu a kasuwa. Ta gode wa kowa da sunansa, ta faɗi inda za ta, ta sa lambarta ta kanta, ta tura a gurup ɗin ofis. Amsoshi suka yi ta shigowa, har Didier ya yi mata fatan alheri.

Mutum ɗaya ne bai ce uffan ba: Baba Édouard, tsohon direban da ke kai kaya ƙauyuka har Rey Bouba. Manoma ba sa sayen iri sai wanda ya ce mai kyau ne. Sai a lokacin ta tuna. Ko gurup ɗin ba ya ciki, ita kuwa ta manta.

Ta same shi a gareji yana wanke mota. Ko ɗagowa bai yi ba.

"Baba, sannu da aiki."

"Ah, Madam. A gidan mai na ji wai kin tafi. Shekara bakwai muna cin ƙurar hanya tare, kuma a bakin wani zan ji?"

Kunya ta kama ta sosai, amma ba ta juya ba. Ta durƙusa nan kan jiƙaƙƙen siminti.

"Na yi kuskure, Baba. Kai ya kamata in fara zuwa wa. Ka yafe mini."

Ya daɗe yana matse tsumma. "Tashi, 'yata. To mutanen ƙauye fa? Su ma Faransancin za ki rubuta musu?"

Ƙarfe biyu da rabi ta yi. A gabansa ta ɗauki saƙon murya da Hausa, ta maimaita da Fulatanci. Ta gode, ta nemi gafara, ta karanto sabuwar lambarta a hankali har sau biyu.

Baba Édouard ya saurara har ƙarshe, ya goge hannunsa a wando, ya zaro wayarsa.

"Turo mini," ya ce. "Daga wajena za su ji, ba a gidan mai ba."