Jarrabawar Buɗe Littafi

Tun da malamin da ke koyar da dokar ƙwadago ya ce za a shiga jarrabawa da littafi, Dogo ya jingine karatu. A cewarsa, amsa tana cikin littafi, wahalar me zai sha?

Yayarsa, wadda lauya ce, ta same shi a falo yana kallon ƙwallo. Ta ɗauki littafin mai shafi ɗari shida ta dangwara masa a cinya, ta duba agogo.

"Tambaya goma cikin awa biyu, kowace minti goma sha biyu ke nan. Nemo min sashen sallamar ma'aikaci ba tare da sanarwa ba."

Dogo ya lashi yatsa ya hau buɗe shafuka. Ya yi gaba, ya dawo baya, ya faɗa babin albashi, gumi ya karyo masa. Sai da ya ci minti tara kafin ya gano wurin.

"Saura minti uku, kuma ko harafi ba ka rubuta ba. Wai kai ba ka san akwai jerin kalmomi a ƙarshen littafi ba?"

"Haba Yaya, da haddar ma ta fi wannan sauƙi!"

Ta yi tsaki ta miƙo masa ƙananan takardu masu mannewa. Kwana huɗu yana liƙa su a bakin shafuka, yana rubuta sunan kowane babi, ita kuma tana jefo masa tambaya daga kicin, yana lalube yana ƙunƙuni.

Ranar jarrabawa ya amsa tambaya tara. Da ya dawo yana murna, ko kallonsa ba ta yi ba.

"Ta goman fa, a aljihu ka baro ta?"