Goma da Sha Biyar

Tun da Malam ya yi ritaya daga koyar da lissafi, matarsa kuma ta rasu, wayarsa ba ta cika yin ƙara ba sai in kamfani ne ke tallar kati. Shi ya sa da Auta, ƙaramar 'yarsa, ta turo masa hotunan takardu biyu, nan da nan ya hau neman tabarau.

Auta tana da shagon ɗinki a wancan gefen gari, kuma rabonta da gidan an kwana biyu. Rancen dubu ɗari da ashirin take nema ta sayi keken sirfani, ta biya cikin shekara. Banki ɗaya ya ce ruwa kashi goma cikin ɗari, ɗayan ya ce sha biyar. A ƙasa ta rubuta: "Baba, duba min, wanne ya fi sauƙi?"

Malam ya ture kwalaben magani daga kan tebur, ya ciro jan bironsa.

A takardun biyu uwar kuɗin iri ɗaya ce, dubu goma duk wata. Layin ruwa ya bi da yatsa. A ta masu goma, dubu ɗaya ce a watan farko, dubu ɗaya a na biyu, haka har ƙasa ko gezau. Wato a kan dukan rancen suke ɗora ruwan, kamar ba ta taɓa biyan ko sisi ba. Jimilla dubu goma sha biyu.

Ta masu sha biyar ta fara da dubu ɗaya da ɗari biyar, abin tsoro. Amma su a kan abin da ya rage suke lissafi, don haka duk wata ruwan na sauka da ɗari da ashirin da biyar, har a watan ƙarshe ya tsaya a ɗari da ashirin da biyar ɗin kacal. Ya haɗa, ya sake haɗawa: dubu tara da ɗari bakwai da hamsin. Sha biyar ɗin ta fi goma araha da dubu biyu da ɗari biyu da hamsin. Ya yi dariya shi kaɗai, ya juya zai nuna wa wani, babu kowa sai fanka.

Amsar ba ta fi kalma uku ba. Sai dai Malam, a duk shekarunsa na aji, bai taɓa ba ɗalibi amsa a hannu ba, kuma da wannan yake tinƙaho. Ban da haka, maganar gaskiya, kewar yarinyar ta ishe shi. Ya san in ya tura amsar, "na gode Baba" zai samu, shi ke nan.

Ya kira ta. Ƙarar kekuna ta cika wayar.

"Baba, wanne?"

"Ba a yin lissafi a tsaye, Auta. Ki zo ƙarshen mako mu zauna, ke da kanki za ki gano."

"Baba, don Allah, ka faɗa min kawai."

"Akwai abin da ke ciki. Ki dai zo."

"To," in ji ta, irin "to" ɗin da take yi tun tana 'yar firamare in ya hana ta leƙa amsa a bayan littafi.

Da ƙarshen makon ya zo, ya share falo, ya ɗauko kujera ta biyu daga ɗakin marigayiya, ya goge ƙurar. Ya kwafe layukan ruwan gefe da gefe a farar takarda, ya bar gurbin jimilla don ta cike da hannunta. Ya dafa shayi ya sauke, ya huce, ya sake ɗumamawa. Duk babur ɗin da ya rage gudu a layin sai ya ɗaga labule.

Rana ta yi sanyi wayar ta yi ƙara.

"Baba, yi haƙuri, aiki ya yi min yawa. Kuma mai keken ya ce zai sayar wa wani, shi ya sa jiya na je na sa hannu, har sun ba ni kuɗin."

"Wanne kika ɗauka?"

"Na goman mana." Ta yi dariya. "Na gane jarrabawa kake min. Goma ai ba ta kai sha biyar ba. Ka ga 'yar malamin lissafi."

Ya dubi ƙasan hoton takardar masu goman, inda aka rubuta cewa ko an biya da wuri ruwan ba ya raguwa. Tun ranar farko ya kwafe wannan layin, ya ja masa jan biro.

"Auta…"

"Na ci, ko?"

Muryarta cike take da murna, irin wadda ya daɗe bai ji ba.

"Allah ya sa albarka," ya ce.

"Amin, Baba. Tunda an gama, sai na samu sarari zan leƙo. Ga mai kaya nan ta shigo."

Ya ajiye wayar. Sannan ya jawo farar takardar, ya cike gurbin jimillar da kansa, ya ɗauki kujerar ya mayar da ita ɗakin da ya ɗauko ta.