Gwangwanin Kawu

A jakar Auta: takardar tallan aikin, hotuna biyu, shaidar tsohon wurin aikinta, da gwangwanin madara ɗaya. Motar haya na tangaɗi, Auta na rungume da jakar kamar jinjiri.

Tallan bai yi kwana-kwana ba: kamfanin rarraba kayan abinci na neman wanda zai hana kaya lalacewa a sito. Kawunta ne mai kula da siton. Shi ya riƙe ta tun rasuwar uwarta, shi kuma ya roƙa mata ganin manaja.

Ta same shi a bakin ofis, makullai na reto a ƙugunsa.

"Auta, ban da surutu irin naku na 'yan boko. Ki gaishe shi da kyau, sauran na Allah ne."

Manaja bai ɗago kai ba. "Ke ce 'yar gidan tsohon? Ina ji."

Ba ta taɓo zancen makarantun da ta yi ba. Da abin da ke damunsa ta fara.

"Yallaɓai, kayanku na lalacewa ne don ana jibge sabo a gaba, tsoho ya maƙale a baya har wa'adinsa ya wuce. Maganin shi ne a rubuta ranar ƙarewa ɓaro-ɓaro a kowane kwali, wanda zai riga lalacewa shi zai riga fita. Na yi haka a inda na baro." Ta ajiye hotunan, sito kafin zuwanta da bayansa, ta ɗora shaidar a kai. "Asara ta ragu da rabi."

Ya karanta, ya ture da yatsa. "Wancan siton wasu ne. Nawa fa? Tsohon ya rantse mini ruwan rufi ne ke ɓata kaya. Kin taɓa shiga ne, ko duba kike yi?"

Ta ƙofar da ba a rufe sosai ba tana hango gefen rigar Kawu. Tun tana ƙarama da irin wannan madarar yake haɗa mata shayi, yana cewa ta bayan sito ce, ba mai nemanta.

Ta ciro gwangwanin ta dire a tebur. Ga tambarin kamfani, ga wa'adin da ya wuce tun bara, ba tsatsa ko ɗigo.

"Ruwa bai taɓa wannan ba, Yallaɓai."

Manaja ya jujjuya shi. "Daga ina?"

"Daga kicin ɗinmu."

Ya tuntsire da dariya har da dukan tebur. "Tsoho! Leƙo ka ga abin da ka raina da madarata!"

Kawu ya leƙo yana murmushi, a zatonsa albishir ne. Sai idonsa ya faɗa kan gwangwanin.

"Auta," ya ce.

"Aiki naki ne, in za ki iya karɓar makullan nan da hannunki," in ji manaja.

Ta miƙe. Kawu ya kai hannu ƙugunsa, ƙullin makullan ya ƙi kwantuwa, sai da ta durƙusa ta kwance da kanta. Ta jira ya ja da baya zuwa baranda, ta rufe ƙofar.

"Na karɓa, Yallaɓai. Yau zan fara."